Zafin Cikin Mota a Ajiye a Rana: Tambayoyin da Iyaye, Direbobi da Masu Dabbobi Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga bakin iyaye, direbobin gida, masu kai yara makaranta da masu kiwon kare ko kyanwa a nan Zariya. Duk alƙaluman zafi da ke ƙasa a ma'aunin Salshiyos suke, wanda ake auna zazzaɓi da shi a asibitocinmu.

1. Idan aka kashe mota aka rufe ta a rana, zafin cikinta yakan kai nawa?

Yakan wuce na waje da kamar digiri 22 zuwa 24 cikin awa ɗaya, kuma mafi yawan hawan a farko-farko yake faruwa. Wani bincike da likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2005 tare da masanin yanayi Jan Null ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na hawan yana kammala ne a rabin awar farko. Lissafin da aka saba aiki da shi shi ne: minti 10 na ƙara kamar digiri 10 ko 11, minti 20 kamar digiri 16, minti 30 kamar digiri 19, awa ɗaya kamar digiri 24.

A ɗauki wata ranar Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana, zafin gari yana digiri 36, abin da ba baƙo ba ne a Zariya a wannan lokaci. Magidanci ya faka a bakin Kasuwar Sabon Gari, ya ɗaga gilasai, ya shiga sayayya. Kafin ya gama gaisawa da mai shago su fara ciniki, minti 10 sun wuce, cikin motar ya kai kusan 47. Aka tsaya neman canji, minti 20, ya kai 52. Aka kira sallah ya ce bari ya bi jam'i, rabin awa, ya kai 55. Idan ya cika awa, ana maganar 60. Girman mota, yawan gilashinta da inda ta fuskanta suna iya rage ko ƙara 'yan digirori, amma ba sa canza hukuncin, domin tun a minti goman farko an riga an wuce abin da jikin yaro zai iya jurewa (duba tambaya ta 5).

2. Me ke sa mota ta fi waje zafi, alhali rana ɗaya ce take dukansu?

Gilashi ne silar. Hasken rana yana ratsa gilashi ba tare da wata tangarɗa ba, ya sauka a kan dashbod, sitiyari, kujeru da kafet. Waɗannan, musamman baƙaƙe, sai su shanye hasken su ɗauki zafi, su riƙa turo shi cikin iskar motar. Zafin da suke turowa ba ya iya ratsa gilashin ya fita kamar yadda hasken ya shigo, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da hanyar tsira. Zafin da ke shigowa ya fi wanda ke fita yawa.

Shi ya sa kayan cikin motar suka fi iskarta zafi nesa ba kusa ba. A gwajin da masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka fitar a 2018, bayan awa ɗaya a rana, dashbod ya kai kamar digiri 69, sitiyari 53, kujeru 51. Yaron da ke zaune a kujerar baya yana karɓar zafi ta hanya uku: iskar da yake shaƙa, kujerar da ta manne da bayansa, da ranar da ke dukansa ta taga.

3. To idan na ɗan sauke gilashi, ko na faka a inuwa, ko na sanyaya motar da esi kafin in fita?

Sauke gilashi da faɗin yatsu biyu ko uku shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa, saboda yana kwantar wa mutum hankali a banza. A binciken 2005 da aka ambata a tambaya ta 1, an gwada motoci da gilashi a sauke kamar santimita 4, aka ga bai rage saurin hawan zafin yadda za a kula ba, kuma bai rage inda zafin ya tsaya ba. Motar da ke tsaye babu abin da ke tura iska ta wannan 'yar kafa. Iska mai zafi kaɗan ce ke sulalewa, rana kuwa tana ci gaba da zubowa ta gilashin gaba gaba ɗayansa.

Inuwa tana jinkirta abin ne kawai. A gwajin Arizona, motar da ke inuwa ta kai kamar digiri 38 a cikin awa ɗaya, kuma lissafinsu ya nuna jikin yaro ɗan shekara 2 zai kai matakin haɗari cikin abin da bai cika awa biyu ba, maimakon kamar awa ɗaya a rana. Sannan inuwa tafiya take yi. Dalbejiyar da ta lulluɓe mota da ƙarfe sha ɗaya, zuwa azahar inuwarta ta tattare ta koma gindinta.

Sanyin esi kuwa ba ya daɗewa. Iskar kawai ya sanyaya, ƙarfe da kujeru suna nan da ɗuminsu, kuma 'yan mintuna bayan kashe inji zafin ciki ya kamo na waje ya wuce. Motocin gwajin Arizona sai da aka sanyaya su tukuna, amma waɗanda ke rana suka kai kamar digiri 47 cikin awa ɗaya. Baƙin gilashi da abin tare rana da ake shimfiɗawa a gilashin gaba suna rage zafin dashbod, suna da amfani ga motar, sai dai ba su mayar da ita wurin barin rai ba. Baƙin gilashi ma yana da nasa aibin: mai wucewa ba zai hango yaron da ke ciki ba.

4. Da hunturu ko da damina fa, lokacin da gari ba zafi?

Haɗarin yana nan. Sanyin hunturu na asuba ne da dare. Da rana tsaka a watan Janairu zafin Zariya yakan kai wajen digiri 29 ko 30, rana kuma tana ratsa hazo. Daga 29, minti 10 sun kai mota kusan 40, rabin awa 48. A binciken 2005, ranar da zafin waje yake digiri 22 kacal, cikin mota ya kai 47. Ƙari a kan haka, da hunturu ake naɗe jarirai da rigar sanyi, hula, safa da bargo tun da safe, kuma da su a jiki za a bar su a motar.

Da damina matsalar laima ce. Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe, a iska mai laima kuwa ba ya bushewa, sai dai ya tsiyaya. Hadari ma ba abin dogaro ba ne, yana iya washewa cikin minti biyar.

5. Me ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari?

Jikin ƙaramin yaro yana ɗumama ninki uku zuwa biyar fiye da saurin na babba. Fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, don haka idan iskar da ke kewaye da shi ta fi jikinsa zafi, yana zuƙar zafin da sauri. Guminsa bai kai na babba ba, ruwan jikinsa kuma kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa. Babba idan ya ji wuta zai buɗe ƙofa. Jariri ko ɗan shekara biyu sai kuka, kukan ma yana ƙara masa zafi.

Jikin mutum yana zaune ne a wajen digiri 37. Idan zafin cikin jiki ya kai 40, an shiga abin da ake kira bugun zafi: tsarin da ke daidaita zafin jiki ya fara gazawa, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Idan ya kusa 42, ƙwayoyin halittar jiki suna lalacewa, ƙoda, hanta da zuciya su fara tsayawa, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Tsakanin lafiya da ajali digiri biyar ne kawai. Wanda ya tsira ma yana iya tashi da lahanin ƙwaƙwalwa ko na ƙoda.

Yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ya riga ya fara daga sama, domin jikinsa da zafi, ruwansa ya ragu. Mai sikila kuma ƙarancin ruwa kaɗai yana iya tayar masa da ciwo. Abin takaicin shi ne su ne aka fi bari a mota, a ƙofar kemis ko ɗakin gwajin jini, don tausayi, wai kada a wahalar da su.

6. Ana cewa iska ce ke ƙare wa yaran. Ba haka ba ne?

Haka ake yawan faɗa idan abin ya faru, amma a motar da ke rana zafi yakan riga ƙarancin iska. Mota ba a toshe take ruf ba, tana da kafofin iska, kuma iskar da ke ciki ta isa yaro ya yi numfashi na awanni. Bambancin yana da amfani a aikace. Wanda ya ɗauka iska ce matsalar zai ce ai na bar taga a ɗan buɗe (tambaya ta 3), kuma idan ya ciro yaro zai tsaya yi masa fifita kawai, alhali abin da yaron yake buƙata ruwa ne a jikinsa (tambaya ta 11).

7. Minti nawa ne za a iya barin yaro ba matsala? Idan na bar inji a kunne da esi fa?

Babu adadin da za a ba da. Ba don minti biyu suna kisa ba, sai don babu wanda ke da iko da minti biyunsa: layin cirar kuɗi ya tsaya, kati ya maƙale, an haɗu da surukai dole a durƙusa a gaisa. Wanda ya fita da niyyar minti biyu ba ya kallon agogo, motar kuwa tana ƙara kusan digiri ɗaya a kowane minti na farko.

Barin inji a kunne yana sauya haɗari ne da wani. Inji yana iya mutuwa, esi yana iya daina sanyi idan mota ta daɗe a tsaye ko gas ya yi ƙasa, sai ya koma hura zafi a mota rufaffiya. Yaro yana iya taɓa giya ko birkin hannu, ko ya danna maɓallin gilashi ya datse wuyansa ko na ƙanensa, ko ya kulle ƙofofi da makulli a ciki. A gareji rufaffe kuma hayaƙin salansa guba ne marar wari. Barin jariri a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai ma bai warware komai ba. Yara biyu ne aka bari.

8. Ta yaya uwa ko uba mai hankali zai manta da ɗansa a mota?

A Amurka, inda ake tattara waɗannan alƙaluma tun 1998, yara sama da 1,000 sun rasu ta wannan hanya, kamar 37 a shekara. Fiye da rabinsu mantawa aka yi da su, kamar kashi ɗaya cikin huɗu da kansu suka shiga motar, mafi yawan sauran kuma da sani aka bar su. Mantuwar ba ta rashin so ba ce. Hanyar da mutum ya saba bi kullum, ƙwaƙwalwa tana tuƙa shi ne ba tare da ya yi tunani ba. Ranar da tsari ya canza, misali uba ne zai ajiye jariri a gidan kaka a Tudun Wada kafin ya wuce aiki Samaru, alhali uwar ce ta saba, yaron kuma ya yi barci shiru a baya, ga rashin barci ga kiran waya, sai sabo ya rinjayi niyya. Ya wuce kwanar, ya isa ofis, ya kulle mota, zuciyarsa tana gaya masa ya riga ya sauke yaron.

A gidajenmu akwai wata hanyar kuma: yawa. An dawo daga biki ko suna, mota cike da mata da yara, kowa ya sauka da kaya a hannu. Uwa tana zaton yaron yana hannun goggonsa, goggo tana zaton ya bi yayyensa, shi kuwa yana kwance a kujerar can baya. Haka a motocin makaranta da na Islamiyya, inda ƙaramin da ya yi barci yake zamewa ƙasan kujera.

Maganin shi ne a ɗaura abin a kan sabo, kada a dogara da tunawa. Direba ya ajiye wayarsa ko jakar aikinsa a ƙasan kujerar baya kusa da yaron, abin da ba zai iya tafiya babu shi ba. A saba da buɗe ƙofar baya a leƙa duk lokacin da aka faka, ko da an san babu kowa. A ƙirga yara wajen shiga, a sake ƙirgawa wajen sauka, kuma a ambaci sunan mutum ɗaya a ce wane yana hannunki. A yi yarjejeniya da makaranta ko mai reno cewa idan yaro bai iso ba zuwa lokaci kaza, su kira nan take. Direban bas kuma ya taka har kujerar ƙarshe yana duba ƙasa kafin ya rufe.

9. Motar da ta lalace take ajiye a gida ko a lungu fa?

A ganinmu wannan ce ta fi barazana a unguwanninmu, domin babu wanda ke kallonta a matsayin haɗari. Mota ta kwana biyu a tsakar gida, a ƙofar gida ko a garejin bakanike, tayoyi sun sace, ba a kulle ta ba tunda ba mai sata. Yara suna wasan ɓuya ko wasan direba, su shige su ja ƙofa. A Disambar 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da ke ajiye a Badagry ta Jihar Legas, kuma irin wannan labari ya sha maimaituwa a wasu jihohi.

Shiga tana da sauƙi, fita ce ke gagara. Ƙofofin baya na yawancin motoci suna da wani ɗan maɓalli a gefen ƙofar, wanda sai an buɗe ta ake ganinsa. Idan aka tura shi, ƙofar tana buɗuwa ta waje amma ba ta ciki ba. Gilashin lantarki ba ya sauka sai da makulli da batir mai rai. A tsohuwar mota hannun ƙofa na ciki sau da yawa a karye yake. Kan yara su gane sun maƙale, zafi ya fara rikita su, muryarsu kuma ba ta fita sosai daga mota rufaffiya.

Kowace mota a gida a kulle ta, har da but, ko tana aiki ko ba ta yi, makulli kuma a rataye inda hannun yaro ba ya kai. Wadda makullinta ya lalace a ɗaure ƙofofinta da sarƙa da kwaɗo, ko a cire ƙofa ɗaya ɗungurungum, ko a rabu da ita. Idan yaro ya ɓace, kafin a tafi cigiya masallaci ko gidan mai unguwa, a fara duba rijiya da duk motocin da ke kusa, na gida da na maƙwabta, a leƙa ƙasan kujeru a buɗe but. Yaran da suka kai shekara huɗu zuwa sama a koya musu su tsallaka gaba su gwada ƙofar direba, idan ta ƙi su danna hon kada su saki. A gwada hon ɗin tukuna ba makulli, domin a wasu motocin ba ya kuka sai an murɗa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga samfurin 2002 suna da hannu mai haske a duhu a cikin but wanda ake ja ya buɗe. Idan taka tana da shi, ka nuna musu.

10. Na ga yaro shi kaɗai a cikin motar wani. Me zan yi? In fasa gilashi?

Ka fara ƙwanƙwasa gilashi ka ga ko yana amsawa, ka gwada dukkan ƙofofi har da but. Ka tara mutane, ka aiki mutum ɗaya ya nemo mai motar a shaguna ko masallacin da ke kusa, wani ya kira 112, kai kuma kada ka gusa. Idan yaron yana da wayo kuma yana cikin hayyacinsa, ka nuna masa yadda zai buɗe ƙofar gaba.

Idan ba ya amsawa, ko ya langaɓe, ko idonsa na lumshewa, ko yana amai ko jijjiga, ko kuwa jariri ne kuma ba a ga mai motar nan take ba, a fasa gilashin. Ba lokacin jiran mai yankan makulli ba ne. A zaɓi tagar gefe da ta fi nisa da yaron, a bugi kusurwarta ta ƙasa da abu mai tsini da nauyi, kamar sifanar kwance taya da ake samu wurin mai faci. Tsakiyar gilashi tana lanƙwasa ta mayar da duka, kusurwa ce ke fashewa. Gilashin gefe a yawancin motoci yana wargajewa ne ƙanana-ƙanana. Na gaba kuwa yana da roba a tsakiyarsa, tsagewa yake yi ba ya zubewa, kada a ɓata lokaci a kansa. A naɗe hannu da riga a zura a buɗe ƙofa. Shaidun da ka tara su ne za su yi bayani ga mai motar. Haka hukuncin yake idan motarka ce ta kulle kanta da makulli da yaro a ciki.

11. An ciro yaron. Yaya ake gane bugun zafi, kuma me za a yi kafin asibiti?

A matakin farko yaro yana jiƙe sharkaf da gumi, fuskarsa ta canza, yana ƙishirwa, kuka, ciwon kai ko tashin zuciya, amma ya san mutane. Alamar cewa abin ya kai bugun zafi ita ce sauyin hankali: sambatu, rashin gane uwarsa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga ko suma, tare da jiki zau kamar garwashi da numfashi sama-sama. Fata tana iya bushewa, tana iya kuma zama da gumi, saboda haka ganin gumi ba ya nufin lafiya. Yaron da yake tsala kuka sai ya yi tsit, ya fi ban tsoro.

Sanyaya jiki ake farawa da shi, a wurin, a daƙiƙar. A kai shi inuwa, a tuɓe shi, a kwarara masa ruwa mai sanyi a duk jiki ana yi masa fifita da ƙarfi. Ruwan randa, na buta, fiya wata, duk wanda ya samu. Idan akwai baho a zaunar da shi ciki ana tallafe da kansa sama da ruwan. A sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya, hammata da matsematsi ana sauyawa. Kada a naɗe shi da jiƙaƙƙen zane a bari, domin zanen yana ɗumama ya riƙe zafin. Ƙanƙara a naɗe ta a ƙyalle, kada ta taɓa fatar jariri kai tsaye. A ci gaba da jiƙawa da fifita a hanyar asibiti, gilasai a sauke ko esi a ƙure. Asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa za a nufa. Idan akwai buƙata su za su tura Asibitin Koyarwa na Shika.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu ko madara, don zai shaƙe; a kwantar da shi a gefensa. Idan yana jijjiga kada a cusa masa cokali. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, tunda ba zazzaɓin cuta ba ne, kuma yana iya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi. Ba a shafa mai ko man zafi. Idan numfashi ya tsaya, wanda ya iya danna ƙirji da hura baki ya fara nan take. Wanda yake a farke yana iya haɗiya a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, ɗan ƙasa da wata shida kuma nono. Ko ya wartsake a kai shi likita ya gani, domin lahanin ƙoda da hanta yakan bayyana ne bayan awanni ko kwana.

12. Karnuka da kyanwoyi fa? Ai dabba ta fi mutum juriya.

A mota ba ta fi ba. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Haki ne hanyarsa ta fitar da zafi, yana busar da danshin harshe da maƙogwaro. A cikin mota iskar da yake ja ta fi jikinsa zafi, hakinsa kuma yana cika motar da laima, sai dabarar ta daina aiki. Zafin jikinsa na lafiya kamar 38 ne zuwa 39, daga 41 ya shiga bugun zafi. Karnukan gadi 'yan ƙasashen waje masu kaurin gashi, masu gajeren hanci, masu ƙiba, tsofaffi da 'yan kwikwiyo su suka fi saurin faɗuwa. Kyanwa kuwa idan ka ga ta buɗe baki tana haki, abin ya yi nisa. Ita takan shige mota da kanta idan an bar taga, don haka a leƙa kafin a rufe.

Alamomin su ne haki mai tsanani, yawu mai kauri yana dalala, dasashi ja jawur ko ya koma fari, tangaɗi, amai, gudawa wani lokaci da jini, sai faɗuwa. A fitar da shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi har ya ratsa gashi ya taɓa fata, musamman ciki da cinyoyi, ana fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tawul. A ajiye masa ruwa ya sha da kansa, ba ɗure ba. Idan akwai ma'aunin zafi, a dakata da jiƙawa idan ya sauko wajen 39.5, don kada ya zarce ya yi sanyi. Daga nan sai likitan dabbobi ko da ya miƙe. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.

13. Kaji, tantabaru, zomaye ko ragon layya a but fa?

But ma mugun wuri ne: rufin ƙarfe ne rana ke duka, ba iska, ga ɗumin salansa daga ƙasa. Tsuntsaye ba su da gumi sam, jikinsu kuma dama yana wajen digiri 41, tazararsu kaɗan ce. Zomo ma ba ya jure zafi. Rago a ɗaure a kwance ba ya samun haki yadda ya kamata, cikinsa kuma yana iya kumbura. Sayen dabba ya zama shi ne abu na ƙarshe a kasuwa, a ɗauko ta da sassafe ko bayan la'asar, a keji ko kwando mai iska a cikin motar ko a bayan a-kori-kura da rumfa, kuma a wuce gida kai tsaye.

14. Motar ta wuni a rana, yanzu zan ɗauki yara daga makaranta. Yaya zan sauke zafin kafin su shiga?

A buɗe ƙofofi huɗu na minti ɗaya ko biyu. Idan ana sauri, a sauke gilashin gefe ɗaya, a riƙa buɗe ƙofar ɗaya gefen ana turawa sau biyar ko shida, tana tunkuɗa iskar zafin waje. A tashi mota da gilasai a sauke, esi yana jawo iskar waje. Bayan 'yan mintuna, idan ciki ya yi daidai da waje, a ɗaga gilasai a mayar da shi kan juya iskar ciki. Wanda ya fara da juya iskar ciki yana sa esi ya yi fama ne da iska mai digiri 55 alhali ga mai 36 a waje.

Iska tana saurin sauka, ƙarfe da leda ba sa yi. Kan bel na ƙarfe da kujerar leda baƙa suna iya ƙona fatar yaro, wadda ta fi ta babba laushi, cikin 'yan daƙiƙu. A taɓa su da bayan hannu kafin a zaunar da shi, har da maɗaurin kujerar jarirai idan ana amfani da ita. Farin tawul ko zane da aka yafa a kan kujerar tun lokacin fakawa yana hana yawancin wannan. Idan an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, ba man goge baki ba, ba manja ba, kuma idan ya tashi ƙuraje masu ruwa ko ya kai faɗin tafin hannun yaron, a kai shi asibiti.